Aikin iya albashi: zalunci ne ko kare kai?

Malamin lissafi: Jama'a, shekara tara nake koyarwa a wata firamare gefen Ringim. Na daina darasin yamma na 'yan aji shida, na daina sayen alli da kuɗina. Na shiga aji, a buga ƙararrawa na kama gabana. Ni dai na ce ban ci haƙƙin kowa ba.

Mai shagon magani: Iya kuɗinka iya shagalinka, Malam. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, man babur kaɗai ya isa ya cinye mutum.

Hedimasta mai ritaya: Ɗana, abu biyu ka haɗa. Darasin yamma da alli kyauta ce ka yi, ka janye, ba mai tuhumarka. Amma na ga yadda abin ke tafiya. Mai NCE yana farawa a mataki na 07, bisa ƙa'ida ana duba ƙarin girmansa duk shekara uku. Takarda ta zo, kuɗin bai biyo ba, zuciya ta mutu. Da farko ƙarin aiki yake bari, daga nan ya fara gutsurar ainihin aikin, shi kansa bai sani ba. Ni littafin yara nake dubawa, ba rajistar zuwa aiki ba. Ka ga jan biro ya ba da maki a shafi guda, alhali yaro ya rubuta 7 × 8 = 54. An yi makin ba a karanta ba. Ka buɗe littafin shirin darasi, na bara ne aka kwafe, kwanan wata kawai aka sauya.

Malamin lissafi: Baba, yara fiye da ɗari a aji ɗaya. Ko minti biyu na ba kowane littafi, ya haura awa uku. A ina zan same su?

Hedimasta mai ritaya: Nan kam ka kama ni. Abin da na taɓa yi: littafi ashirin a rana, amma in karanta da gaske, kafin sati ya ƙare na zagaye ajin.

Uwar 'yan biyu: Ni dai malamin yarana da damina gona yake tafiya, sai ƙarfe sha ɗaya ya shigo da laka a ƙafa.

Malama a ƙaramar sakandare: Yaya, wancan gudun aiki ne, ba shi ake magana ba. Malam yana zuwa a kan lokaci. Ni abin da ya kashe min gwiwa ma ba kuɗi ba ne. Ni da wanda ke sa hannu ya fice, rana ɗaya aka ba mu takardar ƙarin girma, lamba ɗaya.

Mai shagon magani: To kun ji.

Uwar 'yan biyu: Na ji. Amma bana yarana ke aji shida, kuma ba ni da kuɗin mai koya musu a gida. Malam, darasin yamman nan, in iyaye muka haɗa kuɗin mai, za ka dawo?

Malamin lissafi: Ku fara haɗawa tukuna, Hajiya. An sha yi min alkawari.