Wai duk wanda ya sayi SATA yanzu ya yi asara?

Rabi: Assalamu alaikum. Ordinatar da nake buga wa mutane takardu da ita ta yi nauyi, ina son sa mata SSD, wato diskin nan mai sauri da ba ya juyawa. Wani mai shago a Kasuwar Dole ya ce SSD iri biyu ce, SATA da NVMe, kuma SATA ta zama tsohon yayi, duk wanda ya saye ta yanzu ya zubar da kuɗinsa, sai dai NVMe. Haka ne?

Abdul Aziz: Gaskiya ya faɗa miki, Yaya Rabi. SATA iyakarta mega 550 a daƙiƙa, ba ta wuce nan ko wane kamfani ya yi ta, don hanyar da take bi ce ta ƙare a nan. NVMe ko ta PCIe 3.0 tana kai 3,500, ta PCIe 4.0 kuwa har 7,000. Ninki shida ke nan a ƙalla. Me ya rage na gardama?

Malam Lawali mai gyara: Wa alaikumus salam. Lissafinka daidai ne ƙanena, amma ba ka tambaye ta wace ordinata gare ta ba. Rabi, mene ne a rubuce jikin 'yar takardar da ke manne kusa da madannai?

Rabi: Core i5. Wanda ya sayar mini ya ce ƙarni na huɗu ce. Ram ɗinta giga 4.

Malam Lawali mai gyara: To maganar NVMe ta kusa ƙarewa tun nan. Yawancin na ƙarni na huɗu ba su da gurbinta sam. Abin da ke cikinsu mazaunin diski ne mai inci 2.5, kuma SATA kaɗai yake ɗauka. Waɗansu suna da ɗan ramin M.2, shi ne ke ruɗin mutane. M.2 siffar katin ce kawai, akwai M.2 mai aiki da SATA, akwai mai aiki da NVMe. Ki dubi bakin katin inda haƙoran zinariya suke: mai tsaga biyu galibi SATA ne, mai tsaga ɗaya galibi NVMe. Wani lokaci katin ya shiga ramin lafiya lau, a ɗaure shi da ƙusa, a kunna, BIOS bai gan shi ba. Mai shi ya ce an sayar masa da jabu, alhali ramin ne bai san yarensa ba. Kafin a sayi komai a buɗe bayanta a duba, ko a nemi littafin samfurin da lambar da ke ƙarƙashinta.

Abdul Aziz: Na yarda da wannan. Amma in ordinata tana ɗaukar duka biyun, ai ba hujjar sayen SATA.

Malam Lawali mai gyara: A aikin Rabi, ko tana ɗauka, bambancin da za ta ji kaɗan ne. Lambar 3,500 ɗin nan ta babban fayil guda ce ana karanta shi a jere. Tashin Windows da buɗe Word ba haka suke ba, dubban ƙananan fayiloli ne warwatse. Diski mai juyawa dole allurarsa ta yi ta yawo tana neman kowanne, shi ya sa yake jan ƙafa. Kowace SSD ba ta da allura, nan take take kai hannu. Babban tsallen yana tsakanin mai juyawa da SATA. Daga SATA zuwa NVMe, wajen kunnawa, 'yan daƙiƙu ne. Kamar mota ce mai gudun tsiya ka shiga da ita lungunan Birni, ba inda za ta nuna gudun.

Alhaji Isufu: Ni fa ina da kile mai giga 64, ina adana komai a ciki, ban taɓa samun matsala ba. Me zai hana ta sayi irinta ta huta?

Rabi: Alhaji, ba wurin ajiya ne ya yi mini kaɗan ba, nauyi take yi.

Alhaji Isufu: Au, to Allah ya ba da sa'a.

Mamman mai bidiyo: Malam, ni ina bayan Abdul Aziz. Ina haɗa bidiyon biki, suna ɗaya ko aure ɗaya sai ya kai giga 100. Tun da na koma NVMe, jan hoto gaba da baya a wajen montaji ya daina tsinkewa, musamman in na jera kamara biyu.

Malam Lawali mai gyara: Kai naka aikin ai nata ne, Mamman. Mu lissafa. Giga 100 a mega 500 daƙiƙa 200 ne, minti uku da ɗoriya. A mega 3,000 bai fi rabin minti da kaɗan ba. Mai kwashe irin wannan kullum zai ji a jikinsa. Amma daga ina kake kwafowa? In katin kamara ne mai ba da mega 90, giga 100 zai ci kusan minti 18 ko NVMe gare ka ko SATA, don katin ne ke tsaida tafiyar. Haka in ka sa NVMe a akwatin waje ka soka a USB 3.0, ba za ta wuce mega 400 da wani abu ba. Sai ɓangare biyun duka suna da sauri kafin ka ga lambar da ke jikin kwali.

Mamman mai bidiyo: Wallahi kwafe daga kati bai canja ba ko kaɗan. Akwai kuma wani abu: in ina kwafe babba tsakanin diski biyu na ciki, sai ya tashi da gudu, can tsakiya ya faɗo ƙasa warwas.

Malam Lawali mai gyara: Abu biyu ke kawo haka. Masu araha suna da wani ɗan sashe mai saurin rubutu, in ya cika sai ainihin gudun ya bayyana, wani ma ya faɗo ƙasa da na SATA mai kyau. Yana ƙara tsanani in diskin ya kusa cika. Na biyu zafi ne. In ta haura digiri 70 zuwa 80 tana rage gudu da kanta don kada ta lalace, kuma ka san Damagaram a watan Afrilu da Mayu, inuwa ma ta wuce 40. Ka buɗe manhajar duba lafiyar diski, CrystalDiskInfo, lokacin da kake kwafe ka kalli zafin. In yana hawa kafin gudun ya faɗi, zafi ne, ka sa mata ƙarfen sanyaya in akwai wuri, ka busa ƙurar fanka. In zafin bai kai can ba, sashen nan ne ya cika.

Abdul Aziz: Nan ban yarda duka ba, Malam. Tawa NVMe ce, na yi bazara da ita a ɗakin kwano kusa da jami'a, ba ta taɓa ragewa ba. Kuma yanzu farashinsu ya matso kusa da juna, wani lokaci ma ɗaya ne. In kuɗin ɗaya ne, me zai sa in ɗauki mai jinkiri?

Malam Lawali mai gyara: In kuɗin ɗaya ne kuma ramin yana ɗauka, nima NVMe zan ɗauka, ban ce a guje ta ba. Taka ba ta rage ba don ba ka rubuta mata giga 100 a zama ɗaya. Inda nake ja shi ne a sayi NVMe mai giga 256 da kuɗin da zai kawo SATA mai 512, ko a bar ram a giga 4.

Mamman mai bidiyo: Ni dai ina ganin SATA ta fi jure zafinmu, ta ajiyata ba ta taɓa ɗumi sosai ba.

Abdul Aziz: Rashin ɗumi daban, daɗewa daban. Ƙwaƙwalwar da ke cikinsu iri ɗaya ce.

Rabi: To ni me zan saya, Malam?

Malam Lawali mai gyara: Kafin ki fita, ki buɗe Gestionnaire des tâches, ki shiga Performances lokacin da take nauyin. In Disque yana manne a 100%, diskin ne, ki sayi SATA mai inci 2.5, giga 256 ya ishi takardu. In Mémoire ma ta haura 80%, ki ƙara ram ya kai giga 8 da kuɗin da ya rage. Ki kwashe takardun mutane a wani wuri tukuna, kuma a gwada diskin a gabanki a shagon, a ga Power On Hours, wato awannin da ya yi a kunne, don akwai tsofaffi da ke zuwa cikin sabon kwali.

Rabi: Na duba yanzu. Disque 100%, Mémoire 87%. Gobe bayan azahar zan kawo miki ita, Malam, ka buɗe ka ga ramin.