Bayan wayata ya ɗan ɗaga, batir ne ya kumbura?

Assalamu alaikum jama'a. Daga Samaru nake a Zariya, ina neman taimakon masu gyaran waya.

Na san waya tana ɗumi idan tana caji da caja mai sauri, ko ana ɗaukar bidiyo a rana, don kyamara da allo suna jan wuta sosai. Tawa ma haka take yi tun tana sabuwa, zafin yana wajen kyamara, idan na ajiye ta a inuwa sai ta huce. Wannan bai taɓa damuna ba.

Yanzu abin ya canja. Zafin ya koma tsakiyar bayanta inda batir yake, ko ba na taɓa ta. Na cire kwandonta, na canja caja, na daina amfani da ita tana caji, duk ba sauyi. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne murfin baya ya ɗan rabu da jikinta ta gefe ɗaya, farce yana shiga. Idan na ɗora ta a tebur ba ta kwanciya daidai, tana rawa. Caji kuma daga 40 sai ta mutu farat ɗaya.

Wani mai gyara a Sabon Gari ya ce gam ne kawai ya saki, a manna. Ban yarda ba, don na san danne kumburarren batir yana iya jawo gobara. Na kashe ta, na ajiye a kan siminti nesa da katifa.

Ta yaya zan bambance sakin gam da kumburin batir ba tare da na buɗe ta da kaina ba? Kuma zan iya kunna ta na kwashe hotunana kafin a canja batirin?