Idan tsofaffin tambayoyi da rubutun lacca suka saɓa, wanne za a bi?

Ɗaliba 'yar aji biyu:
Assalamu alaikum. Kwana 10 suka rage mini kafin jarrabawar kwas ɗin ayyukan sassan jikin ɗan'adam, kuma bayan na ware lokacin sauran kwasa-kwasai, awa 40 ce kawai zan iya ba shi. An yi mana lacca 24 a kan babi 8. Na samo takardun jarrabawa na shekara biyar da suka wuce, kowace takarda tana da tambaya shida, a amsa huɗu cikin awa biyu. Na ja jadawali, na jera babobin daga sama zuwa ƙasa, shekarun kuma a gicciye, na yi wa kowace tambaya alama a gidanta. Cikin tambayoyi 30, zuciya ta samu 7, ƙoda 6, numfashi 5, jijiyoyi 5, jini 4, tsoka 2, homon 1. Babin daidaiton asid a cikin jini bai samu ko ɗaya ba, alhali da na buɗe littafin rubutuna sai na tarar malaminmu ya yi lacca uku cur a kansa, daidai da abin da ya ba numfashi. Ina neman wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya gaya mini yadda ya yi, da kuma yadda ta kaya masa.

Ɗalibi ɗan ajin ƙarshe:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Shekara uku ke nan ina amfani da irin jadawalin da kika ja, kuma bai taɓa kunyata ni ba. Babin da bai fito ba a shekara biyar, ba na ba shi fiye da dubawa sau ɗaya. Abin da zan ƙara miki shi ne ki lura da takardar bara musamman, domin a abin da na gani, tambayar da ta fito bara ba ta cika dawowa bana ba, sai dai ta shekara biyu ko uku da suka wuce. Saboda haka nakan tsallake ainihin tambayoyin bara, in mai da hankali kan waɗanda suka daɗe ba a gan su ba a cikin babobin da ke yawan fitowa.

Wata da ta maimaita kwas:
Yaya, ina girmama gogewarka, amma wannan hanyar ce ta sa na maimaita kwas guda a ajina na biyu. Na tara takardun shekara shida, na ƙidaya su tsaf, na ajiye babi uku a gefe. Abin da ban bincika ba shi ne wanda ya tsara waɗannan takardun. Ashe malamin da ya yi shekaru yana koyar da kwas ɗin ya bar sashen, wadda ta karɓe shi kuma ta sauya tsarin tun farkon zango. Alamun suna nan a cikin littafina, ni ce ban karanta su ba. Sunayen babobi biyu a rubutuna ba su yi daidai da kalmomin da ke cikin tsofaffin tambayoyi ba, sannan akwai tambayoyi da dama a takardun da na kasa samun amsarsu a ko'ina cikin laccocin da aka yi mana. A lokacin na ɗauka ban rubuta da kyau ba ne. Ranar jarrabawa, biyu daga cikin babobin da na ajiye suka fito, ɗayansu ma a tambayar dole. Tun daga nan, kafin in ƙidaya komai, nakan ɗauki takardar kowace shekara in nemi amsar kowace tambaya a cikin rubutuna na bana. Idan na samu biyar ko shida cikin shida, na san takardar ta wannan kwas ce kamar yadda ake koyar da shi yanzu. Idan uku kawai na samu, ba na sa wannan shekarar a lissafi.

Malami mai tsara jarrabawa:
Na daɗe ina tsara tambayoyi ina kuma makin takardu, don haka bari in faɗi yadda abin yake daga ɓangarenmu. Idan na zauna tsara jarrabawa, manhajar kwas da abin da na koyar a wannan zangon su ne a gabana, sannan nakan duba takardun baya don kada in maimaita tambaya kalma da kalma. A nan ne maganar ɗan'uwanmu ɗan ajin ƙarshe take da ƙamshin gaskiya: lafazin tambayar bara ba ya cika dawowa. Amma babin yana dawowa, sau da yawa ma fahimtar da ake nema ita ce dai, an sauya mata fuska kawai. Wanda ya tsallake matakan bugun zuciya don sun fito bara, bana yana iya tarar da zane a ce ya yi bayanin abin da ke faruwa a kowane mataki.

Game da sifirin da ya dame ki, 'yata, ina zargin ba sifiri ba ne. Kin ba kowace tambaya gida ɗaya, alhali tambayoyin irin wannan kwas sukan zo da kashi biyu ko uku, kowane kashi da makinsa. Jini yana tsayawa ne tsakanin pH 7.35 da 7.45, kuma huhu da ƙoda ne manyan masu riƙe shi a nan: huhu yana fitar da iskar kabon dayoksaid, ƙoda kuma tana mayar da bayikabonet cikin jini tana fitar da asid ta fitsari. Malamin da ke son tambayar wannan babi ba sai ya ba shi tambaya tasa ba, yana iya saƙala shi a kashi na biyu na tambayar ƙoda ko ta numfashi. Ki koma kan tambayoyi 11 na waɗannan babobi biyu, ki karanta su kashi-kashi, ki rubuta makin kowane kashi a gidan da ya dace da shi. Maki za ki ƙidaya, ba yawan fitowa ba, domin babin da ya fito sau biyar da maki 5 bai kai wanda ya fito sau biyu da maki 20 ba.

Idan kuma kin duba kin tarar da gaske bai taɓa fitowa ba, to tambayar da za ki yi ita ce ko a shekarun baya ma ana koyar da shi. Ki ari littafin rubutun wani da ya yi kwas ɗin bara. Idan babu babin a ciki, sabon abu ne aka shigo da shi, kuma ni dai ban taɓa ɓata lacca uku a kan sabon babi ba tare da niyyar tambayarsa ba.

Ɗalibin sashen shari'a:
Ni a ganina mafita ita ce a rubuta cikakkiyar amsa ga kowace tsohuwar tambaya a haddace ta. Haka muka yi da abokaina huɗu, muka raba tambayoyin a tsakaninmu, kowa ya rubuta nasa muka yi musaya, kuma duk mun ci.

Wata da ta maimaita kwas:
Ɗan'uwa, tambayarta a kan rabon lokaci ce tsakanin babobi, ba yadda ake shirya amsa ba. Kuma amsa 30 da aka haddace ba za su taimaka mata a babin da ba shi da tsohuwar tambaya ko ɗaya ba.

Malami mai tsara jarrabawa:
Akwai lissafi ɗaya da ya kamata duk mai niyyar ajiye babi ya yi tukuna. Babi 8, tambaya shida, a amsa huɗu. Idan kin ajiye biyu, kuma duka biyun suka fito da tambaya ɗai-ɗai, kina da saura huɗu cif, babu zaɓi. Idan kin ajiye uku, kina iya tsintar kanki da tambaya uku kacal, wato rubu'in makin jarrabawar ya tafi tun kafin ki ɗaga biro. Wannan lissafin ma yana tsayawa ne idan babu tambayar dole, kuma idan ba a haɗa babi biyu a tambaya ɗaya ba. Tunda mun riga mun ga alamar ana haɗawa a naki kwas, ban ga babin da za ki ajiye gaba ɗaya ba, sai dai ki rage masa lokaci.

Ɗaliba 'yar aji biyu:
Na gode, Malam, na kuma gode wa sauran 'yan'uwa. Na bi takardun kashi-kashi kamar yadda ka ce. Biyu daga cikin tambayoyin ƙoda shida suna da kashi a kan bayikabonet, ɗaya daga cikin na numfashi kuma tana tambayar abin da ke samun jini idan mutum yana numfashi da sauri fiye da kima. Wato babin ya fito sau uku, ni ce na ɓoye shi a ƙarƙashin wasu sunaye. Na kuma gwada hanyar Yayar da ta maimaita kwas ta neman amsa a rubutun bana: takardun shekara huɗu na baya-bayan nan sun dace da laccocinmu, amma mafi tsufa tana da tambaya uku da ba a koyar da mu abin da suke nema ba, don haka na cire ta.

Sannan na ƙara wani abu da kaina. Na zaɓi tambaya ɗaya daga kowane babi, na rufe littafi, na rubuta ƙashin amsarta cikin minti 10, na kwatanta da rubutun lacca. A zuciya kusan komai na kawo, duk da ita ce kan gaba a jadawalin. A ƙoda na rikita abin da ke faruwa a sassan bututun tacewa, a jijiyoyi kuma na san hoton a kaina amma na kasa jera matakan. Bisa wannan na raba awannin: ƙoda tare da daidaiton asid 12, tunda karatun ɗaya yana ƙarfafa ɗaya, jijiyoyi 7, numfashi 6, zuciya 5, jini 3, tsoka 2, homon 1. Saura awa 4 na ajiye don in zauna cikakkiyar jarrabawa sau biyu da agogo a gabana, rabin awa ga kowace tambaya.

Ɗalibi ɗan ajin ƙarshe:
Na yarda da gyaran Malam game da kashi-kashi, ban taɓa ƙidayawa haka ba. Amma ban gamsu da ba wa zuciya awa 5 ba. Babin da kusan tabbas zai fito, wataƙila har sau biyu a takarda ɗaya, a nan ne ake ɗaga maki daga matsakaici zuwa babba, kuma ƙashin amsa na minti 10 ba ya nuna ko za ki iya cikakken bayani na rabin awa. Da ni ne, zan ɗebe awa biyu daga jijiyoyi in ƙara masa.

Wata da ta maimaita kwas:
Ni kuma awa ɗayar homon ce ta tsaya mini a rai. Lacca biyu aka yi a kansa, daidai da jini da tsoka, kuma wasu homon suna aiki kai tsaye a kan ƙoda, saboda haka yana iya shigowa ta ƙofar da daidaiton asid ya bi. Ki duba tambayoyin ƙodar nan kuma, ƙanwata, ki ga ko akwai kashin da ya ambaci yadda jiki ke riƙe ruwa da gishiri, kafin ki rufe wannan jadawalin.