Agogona yana girgiza saboda saƙon guruf, amma alat ɗin banki ba ya zuwa

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na haɗa sabon agogon hannu da wayata ta Android, tun daga ranar hannuna bai huta ba, duk abin da aka rubuta a guruf-guruf na WhatsApp sai ya girgiza. Da na kashe WhatsApp a manhajar agogon, saƙon mahaifiyata ma ya daina zuwa. Ga shi alat ɗin banki, wanda shi na fi buƙata, ba ya fitowa sam. Yaya zan yi in bar mutanen da nake so kawai, in toshe guruf?

Mai gyaran waya:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Agogon ba shi da hanyar da zai bambance mahaifiyarki da guruf, domin shi ba ya shiga cikin WhatsApp ɗinki. Abin da ke faruwa shi ne, manhajar agogon da kika saka a waya ta nemi wani izini da ake kira Notification access, kika ba ta. Da wannan izinin, duk sanarwar da ta sauko a saman waya, manhajar tana karanta sunan manhajar da ta aiko ta, da kanun saƙon, da rubutun da ke ciki, sai ta tura wa agogo ta Bluetooth. Jerin makunnan da kike gani a manhajar agogo da sunan manhaja kaɗai yake tacewa. A wurinsa WhatsApp abu ɗaya ne: ko ya wuce gaba ɗaya, ko ya tsaya gaba ɗaya.

Ki ɗauka saƙo yana bi ta ƙofa uku kafin ya iso hannunki. Ta farko tana cikin manhajar kanta, ta biyu saitin sanarwa na waya, ta uku manhajar agogo. Abin da aka tsare a ta farko ba ya isa ta biyu, balle ta uku. Ke kuma kin je ƙofa ta uku kina neman tace mutane, alhali a ta farko kaɗai aka san waye ya aiko.

Saboda haka ki mayar da WhatsApp a kunne a manhajar agogo. Sannan ki buɗe WhatsApp, ki danna ki riƙe guruf ɗin da ya dame ki, ki zaɓi Mute, ki sa Always, kada ki sa na awa 8 ko na mako guda don zai dawo. Kina iya zaɓar guruf da yawa a lokaci ɗaya. Saƙon Mama zai ci gaba da zuwa tunda ba ki taɓa hirarta ba. Kuma ko guruf yana Mute, idan wani ya ambaci sunanki da alamar @ ko ya ba da amsa a kan saƙonki, sanarwa za ta zo. Ni a ganina wannan daidai ne, don wanda ya kira sunanki da ke yake magana.

Wani ɗan'uwa:

Hajiya ki duba ko akwai data a agogon. Nawa ma da farko ba ya kawo komai sai da na sa masa layi.

Mai gyaran waya:

Malam, ba maganar data ba ce. Nata yana kawo saƙo har ya yi yawa. Wayar ce ke karɓar saƙon da datarta, agogo kwafi kawai yake samu ta Bluetooth, shi ya sa in ka yi nisa da wayar fiye da kamar mita 10, ko bango mai kauri ya shiga tsakani, sai ya yi tsit. Mai layi wani nau'in agogo ne daban.

Mai iPhone:

Ni dai a Apple Watch ban sha wannan wahalar ba. Ka shiga manhajar Watch, ka je Notifications, a ƙasa akwai Mirror iPhone Alerts From, ka kunna wadda kake so ka kashe sauran. Manhajojin Apple ɗin kansu, irin Messages da Mail, suna da zaɓi tsakanin Mirror my iPhone da Custom. Kuma ki sani 'yar'uwa, agogo ba ya taɓa girgiza idan wayar tana buɗe a hannunki, sai in tana kulle. Wataƙila lokacin da alat ɗin ke shigowa kina riƙe da wayar ne.

Mai gyaran waya:

Abin da ka faɗa gaskiya ne a Apple Watch: in iPhone tana buɗe sanarwa a kanta take tsayawa, in tana kulle ko fuskarta ta mutu sai ta tafi agogo, muddin agogon yana hannu kuma ba a kulle yake ba. Amma ba doka ba ce ga kowane agogo. A Android kowane kamfani da tsarinsa. Galaxy Wearable, manhajar agogon Samsung, ta ba mutum zaɓi ko ya ga sanarwa a agogo ko da yana amfani da wayar, ko sai ya ajiye ta. Ƙananan agogo da yawa kuwa ba ruwansu, komai suke turawa. Sannan ko a wurinka, makunnin WhatsApp da ke wancan jerin guda ɗaya ne, bai raba guruf da mutum ba. Kai ma da Mute za ka yi.

Mu dawo kan alat, 'yar'uwa. Ki fara gano ta wace hanya yake shigo miki. Ki jira alat na gaba, ki ja saman waya ƙasa, ki duba ƙaramin sunan da ke saman sanarwar. In ya ce Messages, to saƙon tes ne, kuma kunna manhajar banki a jerin agogo ba zai amfana miki komai ba, manhajar saƙon tes za ki kunna. Nan mutane da yawa ke faɗawa. Akwai kuma wayoyin da ke da manhajar saƙon tes guda biyu, ta kamfanin wayar da ta Google. Wadda take karɓar saƙo a yanzu ita za ki kunna.

In kuwa sunan manhajar bankin ne a saman, ki neme ta a jerin agogo. Wasu ƙananan agogo jerinsu gajere ne, shahararrun manhajoji kaɗai ke ciki, sai wani makunni ɗaya a ƙarshe mai suna Others ko Other apps. Kunna shi zai kawo alat, amma zai kawo duk wata manhajar da ba ta cikin jerin, har da tallar wasanni. Maganin wannan a ƙofa ta biyu yake: ki bi manhajojin da ba ki damu da su ba a saitin waya ki kashe musu sanarwa ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne na zama ɗaya, kuma wayar ma za ta samu sauƙi.

Wata ma'aikaciyar jinya:

Ni matsalata ta ɗan bambanta, amma bari in faɗa ko za ta amfani wani. Nawa da safe yana kawo komai lafiya lau, zuwa rana sai ya yi shiru, alhali alamar Bluetooth tana nuna a haɗe yake. Da zarar na buɗe manhajar agogon sai saƙonni su ci gaba da shigowa. Ashe wayar ce ke kashe manhajar a ɓoye don ta adana batir. Wani abokin aikina ya gyara min ta nan:

```
Settings > Apps > [manhajar agogo] > Battery > Unrestricted
```

Ya kuma hana ni share manhajar daga jerin waɗanda aka buɗe kwanan nan. Ranar da ta sake yin shiru bayan sabunta waya, kashe Notification access ɗin na yi na sake kunnawa, ta dawo.

Wani abu kuma da nake so ki yi tunani a kai, Yaya. Ni a wurin aiki hannuna yana gaban mutane kullum, wanda nake auna wa jini yana kallon fuskar agogona kai tsaye. Alat yana ɗauke da ragowar kuɗin asusu, saƙon tes kuma shi ke kawo lambobin sirri na shiga asusu. Ni na bar girgizar, amma na hana fuskar agogon haskawa da kanta, sai na taɓa.

Mai gyaran waya:

Wannan magana ta Sista tana da nauyi, kuma ta wuce fuskar agogo. Izinin Notification access ba rabi-rabi ake ba da shi ba a yadda yawancin mutane ke dannawa: manhajar tana iya karanta sanarwar kowace manhaja, har waɗanda kika kashe a jerinta, don ita ce mai tacewar. Don haka manhajar agogo daga Play Store kawai za a ɗauko ta, kuma a leƙa jerin masu wannan izinin a cire wadda ba a gane ba:

```
Settings > Apps > Special app access > Notification access
```

Sunan yana ɗan canzawa daga waya zuwa waya, a wasu Device & app notifications ne. Rubuta kalmar notification a wurin bincike na Settings zai fito da shi.

Wani ɗalibi:

Malam, ba sai ta bi guruf ɗaya-ɗaya ba. Tun Android 8 na 2017 kowace manhaja tana raba sanarwarta kashi-kashi. Ta shiga saitin sanarwar WhatsApp a waya, akwai Group notifications daban da Message notifications. Ta mayar da na guruf Silent, shi ke nan, saƙo zai sauka a waya ba ƙara, agogo ma ba zai motsa ba. Ni haka na yi.

Mai gyaran waya:

Rabe-raben da ka ce suna nan, kuma hanya ce mai kyau. Inda ban yarda da kai ba shi ne Silent. Sanarwar da aka yi wa Silent tana nan a saman waya, ƙara kawai aka cire mata, don haka manhajar agogo tana ganinta. Agogon Wear OS, wato mai tsarin Google, yakan mutunta wannan alamar. Ƙananan da suke zuwa hannuna, da yawansu duk abin da suka gani girgiza suke yi. In ta kashe Group notifications ɗin gaba ɗaya, ba shakka agogo zai yi shiru, sai dai ta rasa har wanda ya ambaci sunanta, kuma guruf ɗin gida mai muhimmanci ma ya tafi tare da sauran.

Wani ɗalibi:

Nawa ba Wear OS ba ne Malam, kuma Silent ya yi min aiki.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Alat ɗin ta Messages yake zuwa, na kunna ta, yanzu yana fitowa. Guruf kuma na sa musu Mute, saƙon Mama yana shigowa. Saura guda ɗaya: guruf ɗin wurin aikinmu ba zan iya yi masa Mute ba, kuma shi ya fi kowanne surutu.

Mai gyaran waya:

Wannan kam agogo ba zai raba miki sanarwar shugaba da gaisuwar safiya ba, duk daga hira ɗaya suke fitowa. Ki gwada shawarar ɗalibin nan a kan guruf ɗin kaɗai: ki shiga bayanan guruf, a saitin sanarwarsa ki cire ƙara da girgiza, ki kulle wayar, ki sa wata abokiyar aiki ta rubuta wani abu. In saƙon ya bayyana a agogo ba girgiza, kin samu yadda kike so. In ya girgiza, sai dai Mute, ki roƙi masu ba da sanarwar aiki su riƙa ambaton sunanki. Ki dawo ki faɗa mana wanne ya faru, ni ma ina son in sani.