Ina neman shawara: kwafe littafin bashin ɗan kasuwa zuwa Excel

Assalamu alaikum. Ina kwafe littafin bashin wani mai sayar da hatsi zuwa Excel, kowane ciniki layi ɗaya: kwanan wata, suna, kaya, adadi, farashi, abin da aka biya, saura.

Matsalar ita ce da lambobin Larabci ya rubuta. Sifirinsa ɗigo ne kawai, biyar kuma zagaye ce kamar sifirin boko. Inda biro ya yi rauni ɗigon yakan ɓace, 4,500 ta zama 450. Biyu da uku ma haƙori ɗaya ya raba su, shi kuwa yana rubutu da sauri.

Inda akwai adadi da farashi, ina gano gaskiya da lissafi: tiya ٢ ko ٣ ta gero a kan 1,500, jimla 4,500, to uku ce. Na sa `=D2*E2-F2` ina gwadawa da saurar da ya rubuta.

Amma layukan da ya sa jimla kaɗai fa, babu farashi? In bar gurbin fanko, ko in sa hasashena in yi masa alama a wani ginshiƙi daban? Alamar tambaya a cikin gurbin tana mai da lambar rubutu, sai `SUM` ya tsallake ta. Don Allah yaya kuke yi?