Shawarwarin da aka tara kan tace saƙonnin banki a Gmail

Tattaunawar ta taso ne daga wani ɗan kasuwar Kantin Kwari da sanarwar banki ke binne masa saƙonnin abokan ciniki. Bakin masu shawara ya zo ɗaya: ya fara da banki kaɗai, kuma a kwamfuta, domin manhajar waya ba ta ƙirƙirar matatar saƙonni, wato filter.

Zai buɗe sanarwa ɗaya, ya danna ɗigo uku na sama, ya zaɓi Filter messages like these, sai Create filter. A nan zai yi alama a Skip the Inbox da Apply the label, ya sa wa lakabin suna Banki. Kada ya manta akwatin ƙarshe mai haɗa tsofaffin saƙonni, in ba haka ba sababbi kawai matatar za ta kama, sannan ya sake danna Create filter.

Wani ya ce a zaɓi Delete it a huta. Ban goyi bayansa ba sam, domin abin da ya shiga Trash yana gogewa bayan kwana 30, ga shi rasit kan yi rana idan rikicin biya ya taso. An kuma ja kunne kan tace sunan bankin gaba ɗaya: lambar tabbatarwa ma za ta ɓuya. A tace adireshin sanarwar kawai.

Turawa ga akanta kuwa, sai an saka adireshinsa a Forwarding and POP/IMAP cikin Settings, akantan ya tabbatar ta saƙon da zai samu, sannan Forward it zai yi aiki. Sababbin saƙonni kaɗai ake turawa. Na baya sai da hannu.