Gadon da kafinta ya yi min ya cinye ɗaki, me ya kamata a fara ragewa?

Assalamu alaikum. Na kama ɗaki mai ƙafa 10 da ƙafa 9, silin ɗinsa ƙafa 7 da rabi kacal daga ƙasa, ga fanka a tsakiya.

Na sa kafinta ya yi min gado siks bai siks, tunda da matata za mu zauna. Ƙafafunsa da katakon sun kai inci 14, katifar inci 10, tsayin duka ya zama ƙafa 2. Allon kan gadon kuma ƙafa 5 ne mai soso, ya rufe rabin taga. Yanzu idan na hau gadon zan ɗaura gidan sauro, dole sai an kashe fanka, kuma a durƙushe nake yi. Ƙofar wadirof ba ta buɗewa gaba ɗaya, sai ta bugi gefen gadon.

Na juya shi ya koma jikin ɗaya bangon, sai ya tare ƙofar shigowa. Na sauke katifar ƙasa na kwana uku, ɗakin ya yi sarari sosai, amma ƙasanta ya fara danshi, kuma akwatunan da ke ƙarƙashin gadon sun rasa wurin zama. Kafintan ya ce zai yanke ƙafafun zuwa inci 6, ya mayar da allon ƙafa 3, sai dai faɗin ba zai taɓu ba sai an wargaza gadon, kuma katifar sabuwa ce.

Masu sani, rage tsayi da allon kaɗai zai wadatar, ko in haƙura in koma gado mai faɗin ƙafa 4 da rabi? Na gode.